An Ce Ka Makara da Gini, Ana Neman Diyya: Tambayoyi da Amsoshi kan Martanin Ɗan Kwangila da Sashen Ƙarin Wa'adi

Wasiƙar mai aiki, wato wanda ya ba da kwangilar, kan zo a gajarce: ranar gama gini ta wuce, kwana kaza ne, za a cire kuɗi kaza daga biyanka. Amsar ɗan kwangila kuwa, idan aka bar shi da zafin zuciyarsa, takan cika shafuka da ƙorafi ba tare da ta ceto masa ko kwana ɗaya ba. Tambayoyin da ke ƙasa sun bi misali guda ɗaya daga farko har ƙarshe. Lambobin sassan da na ambata na Jan Littafin FIDIC ne, wato samfurin yarjejeniyar gini na ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, bugun 1999, sai inda na faɗi wani daban. Taka yarjejeniyar ita ce mai hukunci a kanka, domin masu aiki suna yawan gyara waɗannan sassa a cikin sharuɗɗa na musamman.

Wane misali za mu bi?

A ɗauka gini ne na ofisoshi mai hawa uku, wa'adinsa kwana 300. Yarjejeniya ta ce duk kwana ɗaya na jinkiri diyyarsa kashi 0.1 cikin ɗari ne na kuɗin kwangila, kuma jimillar diyyar ba za ta wuce kashi 10 ba. An karɓi ginin a rana ta 360. Mai aiki ya rubuto yana neman diyyar kwana 60, wato kashi 6 cikin ɗari. A aikin gini wannan na iya cinye ribar mutum gaba ɗaya.

Da ɗan kwangila ya zauna da takardunsa, sai ya ga abubuwa shida ne suka faru. An miƙa masa fili a makare da kwana 14. Zanen rodin dekin hawa na biyu ya makara da kwana 21. An canza fasalin katangar wurin ajiye motoci, abin da ya ƙara wa aikin katangar kwana 10. Ruwan sama ya tsayar da aiki kwana 12 a wata guda. Mai haɗa tagogi, wanda ɗan kwangilar ne da kansa ya ɗauko shi, ya makara da kwana 14. Sai kuma a rana ta 345 injiniya, wanda mai aiki ya naɗa ya kula da kwangilar, ya ba da umarnin ƙara wayoyin wuta a hawan sama, aikin da ya ci kwana 6. Idan ka tara su duka sun kai 77, alhali jinkirin 60 ne kacal. Wannan bambanci shi ne alama ta farko cewa ba kowane kwana da aka ɓata ne yake ɗaga ranar gamawa ba.

Mene ne sashen ƙarin wa'adi, kuma don wa aka yi shi?

Shi ne sashen da ya lissafa abubuwan da, idan suka jinkirta gama aiki, za a matsar da ranar gamawa gaba. A bugun 1999 sashe na 8.4 ne, a bugun 2017 kuma 8.5. Ya ƙunshi canjin aiki, da mummunan yanayi wanda ya fita daga saba, da ƙarancin ma'aikata ko kaya wanda annoba ko matakin gwamnati ya jawo ba tare da an iya hango shi ba, da duk wani jinkiri ko cikas daga ɓangaren mai aiki da mutanensa.

Da yawa suna ɗaukarsa alfarma ce ake yi wa ɗan kwangila. A gaskiya mai aiki ya fi kowa cin moriyarsa. A tsarin shari'ar Ingila da ƙasashen da suka gaje shi, akwai ƙa'idar da ta ce mutum ba zai hana ka cika alkawari ba sannan ya juyo ya nemi diyyar rashin cikawa. A shari'ar Peak Construction da McKinney Foundations ta 1970, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta nuna cewa idan mai aiki ya jawo jinkiri, kuma yarjejeniya ba ta da hanyar ƙara wa'adi saboda laifinsa, to ranar gamawa ta rushe, diyyar da aka ƙayyade ma ta rushe da ita. Sashen ƙarin wa'adi shi ne yake tsare wa mai aiki haƙƙinsa na diyya, ta hanyar cire kwanakin da shi ya jawo. Saboda haka kada ka rubuta martaninka da muryar mai roƙo. Kana nema ne a aiwatar da sashen da ku biyu kuka sa wa hannu.

Wasiƙar ta iso. Me zan fara dubawa kafin in yi maganar kwanaki?

Duba ko shi mai aikin ya bi nasa matakan. Sashe na 8.7 ya ɗora diyyar jinkiri a kan sashe na 2.5, wanda ya ce mai aiki ko injiniya ya ba da sanarwa da cikakken bayani, sannan injiniya ya yi ƙoƙarin daidaita ɓangarorin ko ya yanke hukunci na adalci bisa sashe na 3.5. Kafin a yi haka ba shi da ikon zaftare kuɗi daga takardar biyan da aka tabbatar. A yarjejeniyar JCT kuwa, wani samfurin yarjejeniyar gini na Birtaniya, sai an fitar da takardar shaidar rashin gamawa, kuma mai aiki ya ba da sanarwowin da aka shardanta, kafin ya cire ko sisi. A bugun FIDIC na 2017 mai aiki ma yana ƙarƙashin wa'adin sanarwa na kwana 28, daidai da ɗan kwangila.

Bayan haka ka duba lissafinsa. Daga wace rana ya fara ƙirge? Ya tsaya a ranar da takardar karɓar aiki ta ambata, ko ya zarce har ranar da aka gama 'yan gyare-gyare? Idan ya riga ya shiga wani ɓangare na ginin an ba da takardar karɓarsa, ya rage diyyar gwargwadon wannan ɓangaren? Kurakurai irin waɗannan suna da yawa, kuma sakin layi ɗaya ya isa ya nuna su.

Ta yaya zan san kwanakin da suka cancanci ƙari?

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan martani ke faɗuwa. Jadawalin aiki yana da jerin ayyukan da suke riƙe da juna kamar sarƙa: tushe, ginshiƙai, dekin farko, ginshiƙai, dekin na biyu, rufi, tagogi, fulasta, wuta, fenti. Idan ɗayansu ya zame da kwana ɗaya, ranar gamawa ta zame da kwana ɗaya. Mu kira wannan jeri ƙashin bayan jadawali. Sauran ayyukan suna da rarar kwanaki, wato za su iya makara zuwa wani haddi ba tare da sun taɓa ranar gamawa ba. Sashen ƙarin wa'adi bai ce a ba ka kwanaki don wani abu ya faru ba. Cewa ya yi a ba ka gwargwadon yadda abin ya jinkirta gamawa.

Mu ɗauki abubuwan misalinmu. Miƙa fili a makare ba shi da gardama. Babu abin da za a iya farawa ba tare da fili ba, sashe na 2.1 ya ɗora alhakin a kan mai aiki, kuma ɗan kwangila ya ba da sanarwa a rana ta 5. Kwana 14 cif.

Zanen rodi ma a kan ƙashin baya yake. Bisa sabunta jadawalin da aka yi bayan matsalar fili, ana buƙatar zanen a rana ta 120, ya iso a rana ta 141. Masu ɗaurin rodi ba za su yanka ƙarfe da ka ba, ba a zuba kankare sai an ɗaura rodi, hawan sama kuma ba ya tashi sai dekin ya tsaya. Sashe na 1.9 ne ke magana a kai, amma yana da sharaɗin da ake yawan mantawa: sai ɗan kwangila ya riga ya sanar da injiniya cewa yana buƙatar zane kaza zuwa rana kaza, da abin da zai faru idan bai zo ba. A misalinmu ya yi haka tun rana ta 100, sannan ya ba da sanarwar neman ƙari a rana ta 130. Kwana 21.

Katangar wurin motoci fa? Canjin na gaske ne, umarnin injiniya ne, kuma za a biya kuɗin ƙarin aikin. Amma katangar tana da rarar kwana 25 a jadawali, jinkirin kuma 10 ne. Ba ta matsar da ranar gamawa ko da awa ɗaya ba. Shawarata ita ce kada ka nemi kwanakin nan sam. Injiniyan da ya kama ka da kwana 10 na bogi zai karanta sauran wasiƙarka da idon zargi, har kwanakin da ke da hujja su sha wahala.

Ruwan sama ya hana mu aiki kwana 12. Ba za a ba ni duka ba?

A'a. Abin da sashen ya ambata shi ne yanayin da ya fita daga saba, ba ruwan da kowa ya san yana zuwa a lokacinsa ba. Wancan ka riga ka sa shi a farashinka da jadawalinka. Hanyar da aka saba bi ita ce a kwatanta watan da bayanan hukumar yanayi na shekarun baya a wurin. A misalinmu bayanan sun nuna kwana 7 na tsayawar aiki ba baƙon abu ba ne a irin wannan wata, don haka abin da za a iya nema 5 ne. Kuma sai ka nuna cewa aikin da ruwan ya tsayar yana kan ƙashin baya. Ruwan da ya sauka bayan an rufe gini ana fenti a ciki ba ya ba da komai.

A ƙarƙashin FIDIC mummunan yanayi lokaci kawai yake bayarwa, ba kuɗi. Sai dai waɗannan kwana 5 suna da wata matsalar, wadda ita ce tambaya ta gaba.

Na makara da sanarwa. Haƙƙina ya faɗi ke nan?

Ya danganta da yarjejeniyar, kuma bambancin babba ne. Sashe na 20.1 na FIDIC 1999 ya ce a ba da sanarwa cikin kwana 28 daga lokacin da ɗan kwangila ya san abin da ya faru, ko ya kamata ya sani. Idan bai yi ba, ba za a ƙara wa'adi ba, ba za a biya ƙarin kuɗi ba, kuma mai aiki ya kuɓuta daga alhaki. Bayan sanarwar akwai cikakken bayani cikin kwana 42, wanda bugun 2017 ya mayar kwana 84. Yarjejeniyar NEC, ita ma wani samfurin yarjejeniya na Birtaniya, tana da irin wannan katanga ta mako 8, ban da abubuwan da manajan aikin ne ya kamata ya sanar. Ita kuwa JCT, a yadda aka buga ta, tana neman sanarwa nan take amma ba ta ce haƙƙi ya faɗi don an makara ba, kuma bayan gama aiki mai kula da kwangila yana sake duba wa'adin gaba ɗaya cikin mako 12.

A misalinmu sanarwar ruwan ta fita ne kwana 40 bayan ruwan ya ɗauke. Magana ta gaskiya, waɗannan kwanaki 5 suna da rauni. Akwai abubuwa biyu da za a iya gwadawa. Na ɗaya, a binciki takardu ko akwai wata wasiƙa da aka aika wa injiniya cikin kwana 28 wadda ta bayyana ruwan kuma ta nuna ana neman ƙarin lokaci saboda shi. Bugun 1999 bai ƙayyade wa sanarwa wani fasali na musamman ba, illa ta kasance a rubuce kuma a gane cewa nema ake yi. Bugun 2017 ya toshe wannan ƙofa, domin ya ce dole takarda ta bayyana kanta a matsayin sanarwa, kuma rahoton wata ko jadawali ba sa zama sanarwa. Na biyu, a duba yaushe ƙirgen ya fara. A shari'ar Obrascon da gwamnatin Gibraltar ta 2014, kotu ta karanta sashen da sassauci: tunda ƙarin wa'adi yana samuwa ne idan gamawa ta jinkirta ko za ta jinkirta, ɗan kwangila na iya ƙirgawa daga lokacin da jinkirin ya fara aukuwa a zahiri, ba lallai daga ranar da ya hango shi ba. Wannan yana taimako a abin da tasirinsa ke zuwa daga baya. Ga ruwan da ya tsayar da aiki a ranar da ya sauka, taimakonsa kaɗan ne.

Wasu sukan ce ai idan mai aiki ne ya jawo jinkirin, rashin sanarwa bai kamata ya ba shi damar cin diyya ba. Wata kotu a Ostareliya ta karkata ga haka a shari'ar Gaymark ta 1999, amma kotun Ingila ta nuna shakku mai ƙarfi a kai a shari'ar Multiplex da Honeywell ta 2007, bisa hujjar cewa da haka ne, da ɗan kwangila sai ya ƙi ba da sanarwa da gangan ya rusa wa'adin. Ko ma dai yaya ne, ruwan sama ba laifin mai aiki ba ne, don haka wannan hujja ba ta shafi kwanakinmu 5 ba.

To a saka su a wasiƙa ko a bar su? Ni zan saka su, amma a keɓe, a faɗi ranar sanarwar yadda take, a nemi injiniya da mai aiki su duba su. Kada a cakuɗa su da kwanakin da ba su da aibi.

Mai aiki ya ce ko da zanen ya zo da wuri, ni ma ban shirya ba. Wannan ya kashe hujjata?

Wannan ita ce martanin da za ka fi fuskanta, kuma a misalinmu akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Littafin sait, inda ake rubuta abin da ya faru a wurin gini kowace rana, ya nuna kafintoci ba su gama katakon dekin ba sai rana ta 126. Ke nan daga 120 zuwa 126 abubuwa biyu ne suka riƙe aikin a tare: zanen da bai zo ba, da katakon da bai kammala ba. Daga 126 zuwa 141 zanen ne kaɗai.

Matsayin da kotunan Ingila suka fi bi, tun daga shari'ar Henry Boot da Malmaison ta 1999 har zuwa Walter Lilly da Mackay ta 2012, shi ne idan dalilai biyu masu ƙarfi suka haɗu, ɗaya na mai aiki ɗaya na ɗan kwangila, ana ba da cikakken ƙarin lokaci. Kuɗin zaman jira na waɗannan kwanaki ne ba a bayarwa, tunda ko babu laifin mai aiki da ɗan kwangila ya yi wannan asarar. Bisa haka za a nemi lokaci kwana 21, kuɗi kuma na kwana 15. Kotun Sikotland ta bi wata hanya a shari'ar City Inn ta 2010, inda ta yarda a raba kwanakin tsakanin dalilan biyu. Sannan a 2018, a shari'ar North Midland da Cyden Homes, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta tabbatar da cewa ɓangarori na da 'yancin rubuta sharaɗin da ya hana ƙarin wa'adi a duk lokacin da jinkirin biyu suka haɗu. Don haka kafin ka rubuta kalma ɗaya a kan wannan batu, karanta sharuɗɗa na musamman, ka kuma duba dokar ƙasar da yarjejeniyar ta zaɓa.

Akwai wani abu kuma. Wani lokaci ɗan kwangila da gangan yake sassauta aiki, don ya ga zane ba ya kusa, bai ga amfanin biyan kafintoci kuɗin ƙarin awoyi ba. Wannan hujja ce mai ma'ana, amma sai idan an rubuta ta a lokacin. Wanda ya ƙirƙiro ta bayan wata takwas ba mai yarda da shi.

Umarnin canji ya zo bayan wa'adi ya riga ya wuce. Ba sai a ƙirga daga ranar umarnin ba?

Mutane da yawa suna son hakan, kuma da ji yana da daɗi: an ba ni sabon aiki a rana ta 345, ya ci kwana 6, ta yaya za a ce in gama kafin 351? Kotu ta amsa wannan a shari'ar Balfour Beatty da Chestermount ta 1993. Ana ɗaukar kwanakin da canjin ya ci ne a ɗora su a kan ranar gamawa da ke akwai, ba a kan ranar umarni ba. A misalinmu, 300 da 14 da 21 sun ba da 335, a ƙara 6 ya zama 341. Sabuwar ranar gamawa ta faɗo kafin ranar da aka ba da umarnin, kuma hakan daidai ne, domin in ba haka ba ƙaramin canji guda zai wanke wa ɗan kwangila duk jinkirin da shi ya jawo a baya.

Shin in amsa laifin kwanakin da na san nawa ne?

Mai tagogi naka ne. Kai ka zaɓe shi, makararsa makararka ce a idon yarjejeniya, kuma abin da ke tsakaninku sai ka bi shi daban. Wasu lauyoyi sun fi son kada a amsa komai a rubuce, kuma suna da dalilinsu. Matsakaiciyar hanya ita ce ka ce ba ka neman ƙarin wa'adi a kan waɗannan kwana 14, ba tare da ka yi dogon ikirari ba. Abin da ba zan ba da shawara ba shi ne neman kwana 60 cur. Takardun odar tagogin da hotunan ginin babu tagogi suna hannun injiniya kamar yadda suke hannunka.

Da wannan lissafi, diyyar ta sauko daga kashi 6 zuwa kashi 1.9 idan aka ƙi kwanakin ruwa, ko kashi 1.4 idan aka karɓe su.

Yaya ainihin wasiƙar za ta kasance?

Shafi biyu ko uku, sauran duk maƙale-maƙale ne. A aika ta ga wanda yarjejeniya ta ce, a adireshin da ta ce, da kwafi ga ɗaya ɓangaren. Zuciyarta na iya zama kamar haka:

"Zuwa ga Injiniya. Bayan gaisuwa, mun karɓi sanarwar mai aiki ta neman diyyar jinkirin kwana 60 bisa sashe na 8.7. Ba mu amince da wannan nema ba. An gina shi ne a kan wa'adin kwana 300, alhali buƙatunmu na ƙarin wa'adi bisa sashe na 8.4 suna gabanku ba a yanke hukunci a kansu ba.

Muna neman ƙarin kwana 41 kamar haka: kwana 14 saboda makarar miƙa fili, sashe na 2.1, sanarwarmu ta rana ta 5. Kwana 21 saboda makarar zanen rodin dekin hawa na biyu, sashe na 1.9, sanarwowinmu na rana ta 100 da ta 130. Kwana 6 saboda umarnin ƙarin wayoyin wuta na rana ta 345, sanarwarmu ta rana ta 348. Jadawalan da muka haɗa sun nuna kowannensu ya faɗa a kan ayyukan da ke riƙe da ranar gamawa. A keɓe, muna neman a duba kwana 5 na ruwan saman da ya wuce saba, wanda muka ba da sanarwarsa kwana 40 bayan aukuwarsa. Ba mu neman ƙarin lokaci a kan canjin katanga, ko a kan kwana 14 na makarar tagogi.

Muna roƙon ku yanke hukunci bisa sashe na 3.5, kuma kada a cire komai daga biyanmu kafin a cika matakan sashe na 2.5. Buƙatarmu ta ƙarin kuɗi tana nan daban, kuma wannan wasiƙa ba ta sarayar da wani haƙƙi namu ba."

A takarda ta gaske ranakun kalanda da lambobin wasiƙu ne za su maye gurbin "rana ta kaza". Lura babu maganar cewa mai aiki azzalumi ne, ko an daɗe ana hulɗa. Wanda zai karanta wannan wasiƙa a ƙarshe wataƙila mai sasanci ne da bai taɓa taka sait ɗin ba, kuma abin da yake nema shi ne sashe, rana, da takarda.

Waɗanne takardu ne suke da nauyi?

Waɗanda aka rubuta a ranar da abin ya faru. Jadawalin farko da aka miƙa wa injiniya da sabuntawarsa ta kowane wata su ne kan gaba, domin ba tare da su ba babu yadda za a nuna ƙashin baya. Sai littafin sait mai nuna yawan ma'aikata da abin da suka yi kowace rana, rajistar zanuka mai ranar nema da ranar isowa, bayanan taron sait, da hotuna masu kwanan wata. Tebur ɗin da aka zauna aka zana bayan rikici ya taso yana da amfani wajen bayani, amma ba shaida ba ne sai an jingina shi da waɗannan.

Ka kuma karanta su da idon abokin hamayya kafin ka haɗa. Littafin sait ɗin da ya tabbatar da makarar zane shi ne dai ya fallasa makarar katako.

Zan iya cewa diyyar ta yi yawa, tara ce ba diyya ba?

Za ka iya, amma da wuya ta yi nasara. Tun hukuncin kotun ƙolin Birtaniya a shari'ar Cavendish da Makdessi ta 2015, abin da ake tambaya shi ne ko adadin ya wuce hankali idan aka auna shi da halastacciyar buƙatar mai aiki ta a gama a kan lokaci. Kashi 0.1 a rana da iyakar kashi 10, tsakanin ɓangarori biyu da suka san abin da suke yi, ba abin da kotu za ta yi saurin rushewa ba ne. Kuma rushewar ba lallai alheri ba ce gare ka, domin mai aiki na iya komawa neman ainihin asarar da ya yi. Wasu ƙasashen da ke bin rubutaccen kundin doka irin na Faransa suna ba alƙali ikon rage diyyar da ta yi yawa, don haka nan ma dokar yarjejeniya ce abin dubawa.

Injiniya ya yi shiru, ko ya ƙi, an kuma cire kuɗin. Sai me?

Bisa sashe na 20.1 injiniya yana da kwana 42 daga karɓar cikakken bayani ya amsa, da amincewa ko ƙi tare da dalilai. Idan bai yi ba, ko ya yanke abin da ba ka yarda da shi ba, saɓani ya tabbata, kuma za ka iya kai shi gaban kwamitin warware saɓani bisa sashe na 20.4. Kwamitin yana da kwana 84 ya yanke hukunci, wanda bai gamsu ba kuma yana da kwana 28 ya ba da sanarwar rashin gamsuwa, in ba haka ba hukuncin ya zama na ƙarshe. Wannan kwana 28 na biyu ya fi na farko haɗari, don a lokacin kowa ya gaji.

Idan aikin bai ƙare ba tukuna, kada ka janye ma'aikata daga sait don fushi. Dakatar da aiki saboda rashin biya yana da nasa sashen, 16.1, da sanarwar aƙalla kwana 21. Wanda ya kwashe kayansa ba tare da ita ba, to ya miƙa wa mai aiki hujjar soke kwangila, rikicin kwana 19 ya koma rikicin kwangilar gaba ɗaya. Idan kuma injiniya ya matsa maka ka ƙara ma'aikata don cim ma tsohon wa'adi alhali buƙatarka tana gabansa, rubuta masa a ranar cewa kana yin hakan ne bisa matsin da ya yi, ka buɗe lissafin kuɗin ƙarin ma'aikatan daban tun daga wannan rana.